Aikin dala 300 na karɓa: nawa awa ɗaya tawa ta kama?

Sadiq_Tacewa
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya, amma don Allah kada a yi mini dariya. Watan jiya na samu aiki a Fiverr, dandalin intanet da ke haɗa masu sana'a da kwastomomi, wani Bature mai koyar da motsa jiki ya ba ni tace gajerun bidiyo guda 6, muka daidaita a dala 300. Awa 15 na yi ina tacewa. A lissafina dala 20 ke nan kowace awa, in aka canza a naira 1,500 ta zama naira 30,000. Har na yi wa abokina mai aikin banki gori cewa awata ɗaya ta fi yininsa. To ga wata ya ƙare, na biya abin da zan biya, amma abin da ya rage a asusuna bai yi kama da na mai samun 30,000 a awa ba. Ban yi biki ba, ban sayi waya ba. Ina kuɗin suka shiga? Ko lissafin ne da matsala?

Bash_Zane
Wa alaikumus salam. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, Sadiq. Dala 300 ɗin da ka gani a allo ba taka ba ce. Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari, har da kyautar da kwastoma ya ƙara maka don jin daɗi. Taka 240 ce. Raba da 15, dala 16. Ka ga tun ba a je ko'ina ba ka sauko daga 30,000 zuwa 24,000.

DanMaraɗi
Ni hwa da na ga dala 300 sai da gabana ya faɗi. Na ce wane mugun mutum ne ya sa yaro aikin awa 15 a kan jika ɗaya da rabi? Mu nan dala sefa 5 ce, dala 200 ita ce jika guda. Ashe ta Amurka ake nufi. Ku ci gaba, ina saurare.

Maman_Ilham
DanMaraɗi ka ba ni dariya. Sadiq ƙanena, riƙe littafin kuɗi shi ne aikina, shekara 9 ke nan. Kafin kowa ya yi maka lissafi sai ka amsa tambayoyi, kuma kada ka amsa da ka. Buɗe wayarka ka duba. Nawa ne ya shigo asusun bankinka a naira, wato abin da alat ya nuna? Sannan awa 15 ɗin nan, daga ina ka fara ƙirga ta, a ina ka tsaya? Ina zargin lokacin da hannunka ke kan yanka da jerawa kawai ka ƙirga.

Sadiq_Tacewa
Anti, alat ɗin naira 346,000 ne. Awannin kuma gaskiyarki, zaman tacewar farko kawai na ƙirga. Bari in bi hirarmu da mutumin in ga ranaku.

Bash_Zane
Tsaya, 240 sau 1,500 ai 360,000 ne. Ina 14,000?

Kb_Zariya
Hanya ta ci. Kamfanin da ke turo maka kuɗin zuwa banki ba ya canza maka a farashin da kake ji a Wapa ko kake gani a intanet, nasa farashin ya ɗan yi ƙasa, ga kuma kuɗin cirewa. Raba 346,000 da 240 ka gani: dalarsa ta kama kusan naira 1,442. Wannan ne canjinsa na gaskiya, ba 1,500 ba. Mutane ba sa lura da shi saboda babu inda aka rubuta "mun cire kaza" da manyan baƙaƙe, a cikin farashin canjin yake ɓuya.

Sadiq_Tacewa
Na dawo, kuma jikina ya yi sanyi. Ga abin da na tarar. Ɗanyen bidiyon da ya turo mai yawa ne, sai da na zauna na kalle shi duka ina zaɓen wuraren da za su yi amfani, wannan ya ci kamar awa 4. Hira da shi, daga ciniki zuwa tambayar wane launi yake so, wane irin rubutu, wane kiɗa, in na haɗa ba za ta gaza awa 3 ba, kuma yawanci da tsakar dare saboda bambancin lokaci. Gyara sau 3 ya dawo da aikin. Na farko awa 3, na biyu awa 2, na uku kuwa ya canza kiɗan gaba ɗaya, dole na sake jera yankan a kan sabon bugu, awa 4. Gyara kaɗai awa 9 ke nan. Fitar da bidiyon da ɗora shi, wanda na zauna ina gadi, awa 3. In aka haɗa da 15 ɗin farko, 34.

Maman_Ilham
Yawwa, yanzu muka fara magana. Ka lura kamashon da kowa ke kuka da shi ya sauko da kai daga 30,000 zuwa 24,000 ne kawai. Amma 346,000 a raba da 34, naira 10,176 ne. Babban ɓarawon ba dandali ba ne, awannin da ba ka ƙirga ba ne. Kuma ba mu taɓa kuɗin kayan aiki ba tukuna. Faɗa mini abin da kake biya duk wata don ka iya aiki, da kuma ayyuka nawa ka yi a watan.

Sadiq_Tacewa
Manhajar tacewa ta Premiere Pro kusan dala 23. Wurin da nake ɗaukar kiɗa mai lasisi dala 17. Ma'ajiyar intanet da nake tura manyan fayiloli dala 10. Jimla dala 50, da katina ya kama wajen naira 75,000. Data 30,000. Fetur ɗin janareta kamar 45,000. Ayyuka biyu na yi: wannan, da wani ƙarami na dala 120 wanda ya ci awa 16 in na ƙirga shi irin ƙirgar nan.

Ummi_Gombe
Salam. Don Allah ya ake buɗe Fiverr ɗin? Ni ma ina son in fara samun 30,000 a awa.

Bash_Zane
Ummi karanta daga sama zuwa ƙasa tukuna, 30,000 ɗin nan tun ɗazu ake jana'izarta. Anti Maman_Ilham, ai mai sauƙi ne: kuɗin wata 150,000, ayyuka biyu, kowanne ya ɗauki 75,000. A cire daga 346,000, saura 271,000.

Maman_Ilham
Bash, za a iya yin haka, amma ka zalunci ƙaramin aikin. Dala 120 bayan kamasho 96 ce, a canjin Sadiq wajen naira 138,400. In ka ɗora masa 75,000 sai ya zama kamar aikin banza, babban kuma ya yi kyau fiye da yadda yake. Fetur da data da manhaja ai gwargwadon zaman da aka yi ake cin su. Don haka ni da awa nake rabawa. Awannin watan duka 50 ne, wannan aikin ya ci 34, wato kashi 68 cikin ɗari. Kashi 68 na 150,000 shi ne 102,000. Cire daga 346,000, saura 244,000. Raba da 34, ya kama kusan naira 7,180 a awa. A dala bai kai 5 ba.

Akwai kuma abin da bai faɗa ba saboda babu mai turo masa takardar biya a kansa: kwamfutar. Sadiq, nawa ka saye ta, kuma shekara nawa kake ganin za ta yi maka wannan aikin kafin ta fara nishi?

Sadiq_Tacewa
900,000 na saye ta. Shekara 3 in Allah ya tsare ta daga zafin Kano.

Maman_Ilham
To wata 36 ke nan, kowane wata tana cin 25,000 ko ka ji ko ba ka ji ba. Rabon wannan aikin 17,000. Saura 227,000, a awa kusan 6,680. In kana amfani da Excel ko Google Sheets, ka sa alat a B2, rabon kuɗin wata a B3, awanni a B4:

```
=(B2-B3)/B4
```

Ba wani abin wuya a lissafin. Wuyar tana wajen cika B4 da gaskiya.

Alhaji_Kwari
Yaran nan kuna ba ni mamaki. Wannan lissafin da kuke yi da kwamfuta, mu a kasuwa tun muna yaran shago aka koya mana shi. Dila ta zo daga Legas, ba ka cewa ribarka ita ce bambancin saye da sayarwa. Sai ka sa kuɗin mota, ka sa na 'yan dako, ka sa la'adar dillali, ka sa hayar shago, ka sa abincin yaro, ka sa yadin da ya ɓaci. Wanda bai sa ba, shi ne za ka ga yana ta ciniki shekara guda, rannan a wayi gari uwar kuɗi ta tafi. Ɗana Sadiq, kuɗin kwamfutar nan da Hajiya ta ce, kada ka bar shi a takarda. Ka ware shi a wani wuri duk wata. In ba haka ba cin jari kake yi kana kiransa riba.

Sadiq_Tacewa
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma.

Nura_Kod
Ni ban yarda da wani ɓangare ba. Awa 3 ta fitar da bidiyo da ɗorawa, ai kwamfuta ce ke aiki ba kai ba. Kana iya cin abinci, kana iya zuwa masallaci. In za mu ƙirga wannan, gobe wani zai ƙirga lokacin da ya kwanta yana tunanin aikin. Kuma fetur na 45,000, kai kaɗai ke amfana? Ba a kunna fanka da talabijin a gidanku in janareta na aiki? Ina ganin ana ƙara gishiri don lissafin ya yi ban tausayi.

Sadiq_Tacewa
Nura, in injin za a ƙirga ya fi awa 7. Ukun da na sa su ne waɗanda na zauna a gaba, don sau biyu ɗorawar ta yanke a tsakiya sai na sake daga farko. Kuma in tana fitarwa ba na iya taɓa wani aiki a kanta. Maganar fetur kuwa ka kama ni, 'yan gida na kallo. Amma da ba don aikin ba, ba zan tayar da janareta da rana ba. Data dai ta aiki ce zalla, layi daban na yi mata.

Maman_Ilham
Nura yana da gaskiya rabi. Abin da nake bi shi ne: lokacin da aikin ya hana ka yin wani abu da za a biya ka, a ƙirga. Wanda inji ke yi kana barci, kada a ƙirga shi a awanni, ya riga ya fito a kuɗin fetur. Na fetur ɗin kuma, in Sadiq ya ga kashi ɗaya cikin uku na gida ne, ya cire 15,000. Zai ɗaga masa awa da naira 300 kacal. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Bash_Zane
To magani dai a ɗora wa kwastoma kamashon. Ni haka nake yi. In ina son dala 300 ta shigo hannuna, sai in ƙara kashi 20, in ce 360. Shi ke nan dandali ya ci nasa, ni na ci nawa.

Zee_Fassara
Yaya Bash, duba asusunka da kyau, ana cin ka dala 12 duk lokacin da ka yi haka. Kashi 20 ɗin a kan 360 za a cire, ba a kan 300 ba. Kashi 20 na 360 shi ne 72, saura 288. In kana son 300 cif, raba za ka yi da 0.8, ya ba ka 375. Ni ma na yi shekara ina wannan kuskuren.

Bash_Zane
Innalillahi. Shekara 2 ina yi. Kada wanda ya lissafa mini jimlar, ba na son sani.

Kb_Zariya
Shi ya sa nake cewa a koma dandalin Upwork. Kamashonsu bai kai haka ba.

Zee_Fassara
A can nake, fassarar Turanci zuwa Hausa nake yi, bari in ba ka nawa labarin. Da can suna cire kashi 20 a dala 500 ta farko da kowane kwastoma, sannan ya sauka. A 2023 suka mayar da shi kashi 10 bai ɗaya, a 2025 kuma suka sake, yanzu yana tsakanin 0 da 15 gwargwadon aikin, kana ganin naka kafin ka tura buƙata. A ido ya fi sauƙi. Amma kafin ka nemi aiki sai ka kashe abin da suke kira Connects, wato tikitin neman aiki, kowane ɗaya dala 0.15. Wani wata na nemi aiki 10, na kashe Connects 160, dala 24 ke nan, guda ɗaya na samu, na dala 200. An cire mini kashi 10, dala 20. Haɗa da 24, dala 44. Kashi 22 cikin ɗari ke nan na aikin. Ban ce kullum haka yake ba, in kwastoma ya dawo ba ka sake kashe komai, a nan ne ake more shi. Amma sabon shiga da ke harbi goma ya samu ɗaya, kada ya ɗauka ya tsere wa kashi 20.

Kuma wannan ya kawo ni ga abin da ban ga an tambayi Sadiq ba. Rubuta buƙatun nan 10 ya ci mini kusan yini biyu. Wa ya biya ni? Sadiq, awa nawa ka yi a watan kana neman aiki, kana amsa masu tambayar farashi su ɓace, kana gyara samfurin da kake nunawa?

Sadiq_Tacewa
Ban rubuta ba, amma ba zai gaza awa 20 ba. Akwai wanda muka yi kwana 3 muna magana, har na yi masa gwaji na daƙiƙa 30 kyauta, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Maman_Ilham
Zee ta taɓo inda ya fi muhimmanci. Waɗannan awa 20 ba na wani aiki ɗaya ba ne, don haka a nan sai a bar lissafin aiki a koma na wata. Abin da ya shigo: 346,000 da 138,400, jimla 484,400. Abin da ya fita har da kwamfuta: 175,000. Saura 309,400. Awanni: 50 da 20, 70. Kowace awa naira 4,420. Wannan ita ce amsar tambayarka ta farko, Sadiq. Kana tafiya da 30,000 a ka, aljihunka kuma yana tafiya da 4,420.

Malam_Habu
Jama'a a ji tsoron Allah a gode masa. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Mai wannan albashin in yana awa 40 a mako, awa 160 a wata, awarsa ba ta kai naira 450 ba. Yaron nan yana samun ninki goma, yana zaune a ɗaki, an taru ana yi masa jaje. Ni malamin makaranta ne, shekarata 14 a aji, ban taɓa ganin 309,000 a wata ɗaya ba.

Zee_Fassara
Malam, Allah ya saka da alheri, godiya wajibi ce. Amma albashinka yana zuwa ko an yi hutu, ko ka kwanta rashin lafiya, kuma akwai fansho a gaba. Ba kai ke sayen allo da alli ba. Tambayi Sadiq nawa ya samu a watan da ya gabaci wannan.

Sadiq_Tacewa
Ko sisi. Wata guda cur babu aiki. Amma dala 50 ɗin nan an cire ta daga katina ranar da aka saba.

Alhaji_Kwari
To ka ji. Shago ko an yi ciniki ko ba a yi ba, mai haya yana zuwa.

Maman_Ilham
Shi ya sa wata ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. In ka haɗa watannin biyu, 75,000 ta manhaja da 25,000 ta kwamfuta na watan da ba a yi aiki ba suna kan wuyan wannan 309,400 ɗin, ta koma 209,400 kafin a sa data da awannin neman da ka yi a wancan watan. Ni wata 3 nake ba mutane shawara su haɗa, 6 ya fi.

Nura_Kod
To in haka ne ƙaramin aikin nan na dala 120 bai kamata ya karɓa ba ke nan? In aka ɗora masa rabonsa, kashi 32 na 175,000, wato 56,000, saura 82,400, awa 16, kusan 5,150. Ya ja shi ƙasa.

Maman_Ilham
A'a Nura, a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Tambaya biyu ce daban, kowace da lissafinta. In tambayar ita ce "nawa zan sa farashina", to komai sai ya shiga, har kwamfuta da watan zaman banza. Amma in tambayar ita ce "ga aiki ya zo, hannuna babu komai, in karɓa ko in bari", to kuɗin manhaja an riga an cire shi, ko ka karɓa ko ka ƙi ba zai dawo ba. Abin da za ka duba shi ne abin da aikin zai ƙara maka na kashewa: fetur da data, a ce 24,000. Ya kawo 138,400. Da ya ƙi shi, da 114,400 ta wuce shi, kuma da babban aikin ne zai ɗauki nauyin watan shi kaɗai. Inda ƙaramin aiki ke zama asara shi ne in ya tare maka lokacin da babba zai shigo, ko in ya saba wa kwastoma da farashin da ba za ka iya rayuwa a kai ba.

Nura_Kod
Na ji, amma da wannan hujjar mutum zai yi ta karɓar ƙananan ayyuka har abada yana cewa "ai an riga an biya manhaja". Ban gamsu duka ba.

Kb_Zariya
Ni dai gajeriyar hanya: tunda Baturen ya san aikinka, ka ba shi lambarka ku koma WhatsApp, ya turo kai tsaye. Dala 60 ta dawo gida.

Zee_Fassara
Kada ka fara, Sadiq. Dokar Fiverr ta hana karɓar kuɗi a waje daga kwastoman da ka samu a ciki, kuma suna rufe asusu a kan haka. Taurarin da ka tara da sharhin kwastomomi ba a ɗauke su a kai wani wuri. Ban da haka, a ciki mutum yana biya kafin ka fara aiki, kuɗin na ajiye. A waje in ya karɓi bidiyo ya toshe ka, wa za ka kai wa ƙara daga Kano? Wani ɓangare na kashi 20 ɗin kuɗin wannan tsaron ne.

Malam_Habu
Kuma alkawari ne ka ɗauka ranar da ka buɗe asusun. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Bash_Zane
A rage ta wajen manhaja mana. Watan da babu aiki ka dakatar da biyan.

Auwal_Kamara
Ya danganta da tsarin da ya shiga. Farashin nan na kusan dala 23 na yarjejeniyar shekara ne da ake biya wata-wata. In ka fasa bayan kwana 14 na farko, Adobe, kamfanin Premiere, na cajin rabin abin da ya rage na shekarar. Wanda ake iya tsayarwa kowane wata ya fi tsada. Ni manhajar tacewa ta DaVinci Resolve na koma, na kyautar ya ishe ni yawancin aiki, na kuɗin kuma, wato Studio, dala 295 ce sau ɗaya, wato kuɗin wata 13 na abin da Sadiq ke biya. Sai dai in faɗi gaskiya: wata biyun farko aikin awa 10 yana ci mini 15 saboda hannuna bai saba ba, kuma akwai kwastoman da zai ce lallai fayil ɗin Premiere yake so don editansa ya ci gaba. Kuɗin kiɗan kuwa kada ka taɓa shi. Ka sa kiɗan da ba lasisi, YouTube ta kama bidiyon kwastoma, ka ga ranar da za ka yi gyara na huɗu kyauta.

DanMaraɗi
Ni abin da ya sauƙaƙa mini, kwastomomina na Faransa ne, da yuro nake ciniki, sefa kuma a ɗaure take da yuro, 655.957 ba ta motsi. Ku naku kwana 14 ɗin da Fiverr ke riƙe kuɗi kafin a iya cirewa, naira na iya hawa ko sauka a ciki. Amma masu turo kuɗi mu ma suna yankar nasu, ba mu tsira ba.

Sadiq_Tacewa
To ga sabon zance. Baturen ya dawo yau da safe, yana son wasu guda 6 irin waɗancan. Nawa zan ce masa?

Maman_Ilham
Fara daga ƙasa ka hau. A ce kana son 10,000 a awa. Awa 34, 340,000. Ƙara rabon kuɗin wata da kwamfuta, 119,000, ya zama 459,000. Raba da canjinka na gaskiya, 1,442, dala 318. Raba da 0.8 kamar yadda Zee ta nuna, 398. Ka ce 400. Kuma ka sani ko a hakan ba a biya ka awannin neman aiki ba.

Auwal_Kamara
Anti, daga 300 zuwa 400 a tashi ɗaya mutumin zai iya gudu, akwai masu yi masa a 150. Ni da zan ba da shawara, ya bar farashin kusa da yadda yake, ya rufe ƙofar gyara. Ya rubuta a cikin tayin: gyara sau 1 kyauta, kowane ƙari dala 30, kuma kiɗa in an amince da shi kafin a fara yanka, canza shi sabon ciniki ne. Da haka aka yi a wancan, gyara na biyu da na uku sun kawo dala 60, ko kuma mutumin ya haƙura awa 6 ta dawo masa. Sannan wannan karon ya riga ya san launi da rubutun da mutumin ke so, hirar awa 3 ba za ta maimaitu ba. Aikin zai iya tsayawa a awa 25.

Zee_Fassara
Duka biyun za a iya: 350 da gyara sau 1. Kwastoman da ya dawo da kansa ya fi wanda ake roƙo sauƙin ƙari.

Bash_Zane
Ni 375 zan ce, ko don in huce dala 12 ɗina.

Sadiq_Tacewa
Na tura masa 350, gyara sau 1, ƙari dala 30, kiɗa a tsayar kafin a fara. Na kuma ajiye littafi kusa da kwamfuta, zan riƙa rubuta lokacin da na zauna da lokacin da na tashi. Ya gani bai amsa ba tukuna, can wajensu yanzu asuba ce.

Nura_Kod
Zaman jiran amsar nan, Anti Maman_Ilham, a B4 za a sa shi ko a'a?